CCNA ko Network+: Yadda Ake Lissafin Ainihin Kuɗin Takardar Shaida Daga Garwa

Ɗan ƙanwata, wanda yake aikin haɗa kwamfutocin ofisoshi da jan wayar intanet a Garwa ta Kamaru, ya zo mini da tambaya a kan takardun shaidar ƙwarewa biyu na fannin sadarwar kwamfuta bayan ya tara kuɗi na wata takwas. Ya ce, "Kawu, na ga CCNA dala 300 ce, Network+ kuma dala 390. Ashe ta farkon ta fi araha, ko kuwa akwai abin da ban gani ba?" Na ce masa akwai, domin kuɗin da aka rubuta a shafin rajista bai kai rabin abin da zai fita daga aljihunsa ba, kuma wanda ya zaɓi takardar shaida bisa wannan adadi kaɗai zai gane kurensa ne a tsakiyar hanya, lokacin da komawa baya ya riga ya zama asara. Muka ɗauki takarda da biro muka zauna, abin da ke biye kuwa shi ne lissafin da muka yi.

Kafin komai, duk inda na ce dala a nan dalar Amurka nake nufi, ba dalar kasuwarmu ta sefa biyar ba. Wannan bambanci yana da nauyi a lissafin, saboda sefar da muke amfani da ita a Kamaru da Cadi a ɗaure take da yuro a kan 655.957, amma ba a ɗaure take da dalar Amurka ba. Kuɗin jarrabawa a sefa yana hawa yana sauka ko da kamfanin bai taɓa farashinsa ba. Ban da haka, bankin da ya ba ka katin biya yana canja kuɗin a kan nasa farashi, ya kuma ɗora ladan ciniki da ƙasar waje. Saboda haka muka ɗauki dala ɗaya a kan sefa 625, wato sefa 600 na canji da kimanin 25 na ladan banki. Wannan ma'aunin aikinmu ne kawai; mai karatu ya tambayi bankinsa ya sa nasa adadin. Haka kuma ya duba shafin ƙarshe na biya ya ga ko an ƙara haraji, domin harajin kaya da ayyuka a Kamaru kashi 19.25 cikin ɗari ne, kuma idan aka ɗora shi a kan dala 300 ba ƙaramin ƙari ba ne.

Takardun biyu suna magana ne a kan fanni ɗaya, amma ba zurfinsu ɗaya ba. CCNA ta kamfanin Cisco ce, lambar jarrabawarta 200-301, ana yin ta cikin minti 120, kuma tana buƙatar mutum ya iya saita na'urorin Cisco da hannunsa, ya rubuta umarni, ya gano inda hanya ta toshe. Network+ ta CompTIA ce, bugunta na yanzu N10-009 ya fito a watan Yuni na 2024, tambayoyinta ba sa wuce 90 cikin minti 90, kuma makin ci 720 ne a ma'aunin da ya tashi daga 100 zuwa 900. Ita ba ta jingina da na'urar kamfani ɗaya ba, ta fi faɗi amma ba ta nutsa sosai. Dukkansu ana zaune musu ne ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE, dukkansu kuma shekara uku suke yi kafin su mutu.

A ma'auninmu, dala 300 ta CCNA ta zama sefa 187,500. Network+ kuwa farashinta a Amurka ya tashi daga dala 369 a 2024 zuwa 390 a 2025, wato sefa 243,750. CompTIA tana sa farashi daban-daban bisa yanki, don haka wanda ya ga ƙasa da wannan bayan ya zaɓi ƙasarsa a shagonsu sai ya maye gurbin adadin, sauran lissafin ba zai canja tsari ba. A wannan mataki CCNA ta fi sauƙi da sefa 56,250, kuma nan ne yaron ya tsaya da nasa lissafin.

Kayan karatu su ne suka fara cinye wannan rata. Littafin da Cisco ta amince da shi don CCNA, wanda Wendell Odom ya rubuta, juzu'i biyu ne masu kauri, muka ware masa sefa 45,000. Tambayoyin gwaji masu inganci, waɗanda suke bayyana dalilin da ya sa kowace amsa ta zama daidai ko kuskure, muka ware musu 60,000. Na'urorin gwaji ba mu sa musu ko sisi ba, domin manhajar Packet Tracer, wadda take kwaikwayon na'urorin a kwamfuta, kyauta ce ga wanda ya yi rajista da Cisco Networking Academy, kuma ta isa ga wannan mataki. Sayen tsofaffin na'urori a kasuwa sha'awa ce, ba larura ba. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne kuɗin intanet. Darussan bidiyo na kyauta suna nan, kamar Jeremy's IT Lab don CCNA da Professor Messer don Network+, amma kyautarsu ta tsaya ne a bakin mai koyarwa, saukar da su kuwa da kuɗi ake yi. Mai aiki da rana yana karatu da dare, a ganina, yana bukatar kamar wata shida don CCNA da wata huɗu don Network+, kuma mun sa sefa 10,000 a kowane wata. Jimillar kayan CCNA ta zama 165,000. Na Network+, da littafi ɗaya na 30,000 da tambayoyin gwaji na 20,000 da intanet na wata huɗu, ya tsaya a 90,000.

Ina gargaɗi a nan game da abin da ake yawo da shi a waya da sunan "ainihin tambayoyin jarrabawa". Kamfanonin biyu sun haramta amfani da tambayoyin da aka sato daga ɗakin jarrabawa, kuma suna iya soke sakamako su hana mutum sake zama. Wanda ya rage sefa 60,000 ta wannan hanya ya jefa duk abin da ya kashe cikin haɗari, ga shi kuma zai riƙe takardar da ba zai iya kāre ta a gaban mai ɗaukar aiki ba.

Sai maganar wurin zama, wadda ita ce ta bambanta lissafin mutumin Garwa ko Marwa da na mutumin Duwala. Ana iya yin jarrabawar a gida ta tsarin OnVUE, inda mai sa ido yake kallonka ta kyamarar kwamfuta daga farko zuwa ƙarshe. Sharuɗɗan suna da tsanani: ɗaki a rufe wanda ba mai shiga, tebur babu komai a kai, babu magana, kuma intanet ba zai yanke ba. Duk wanda ya san yadda wuta take ɗaukewa a watannin zafi a nan, ya kuma san gidan da yara suke shiga ɗaki ba sallama, ya san cewa wannan hanya tana da araha ne kawai ga wanda yake da ofis mai layin intanet tsayayye da batirin ajiya. Wanda yake da irin wannan wuri ya gudanar da gwajin na'ura da Pearson VUE take bayarwa, a kan kwamfutar da zai yi amfani da ita, a daidai lokacin yini da zai zauna, sau biyu ko uku a ranaku daban-daban. Idan gwajin ya yi tangarɗa ko sau ɗaya, ya haƙura ya nemi cibiyar jarrabawa. Matakin farko shi ne ya buɗe shafin neman cibiya ya sa sunan jarrabawarsa, domin ba kowace cibiya ce take bayar da kowace jarrabawa ba, kuma mazaunin Kuseri ya duba ɓangaren Njamena ma, tunda gada ce kawai a tsakani.

Mu mun yi lissafi a kan tafiya Yawunde: mota daga Garwa zuwa Ngaundare, sannan jirgin ƙasa na dare. Sufurin zuwa da dawowa muka ware masa 45,000, masauki na kwana biyu da abinci da zirga-zirgar gari 35,000. Sai kwana huɗu da ba zai yi aiki ba, waɗanda ya ƙiyasta da 20,000. Da farko ya ƙi yarda a sa wannan, ya ce ba kuɗi ne da zai ciro ya biya ba. Na ce masa kuɗi ne da ba zai shigo ba, kuma a ƙarshen wata mai gidan haya ba ya bambanta tsakanin biyun. Tafiya ɗaya ta kama sefa 100,000. Kwanan da aka ƙara kafin ranar jarrabawa ba almubazzaranci ba ne, domin wanda jirgi ya makarar da shi har lokacinsa ya wuce ya rasa kuɗinsa baki ɗaya. Sauya rana yana da wa'adin da ake rubutawa a saƙon rajista, yawanci awa 24 kafin zama. Haka nan wanda sunansa a rajista ya saɓa da na katin shaidarsa za a iya mayar da shi daga ƙofa, kuma wannan ya shafe mu sosai, tunda sunan da muke rubutawa Muhammadu a katin ɗan ƙasa yakan fito da rubutun Faransanci na daban. A kwafi sunan daga katin harafi bayan harafi.

Da muka haɗa kuɗin jarrabawa da kayan karatu da tafiya, CCNA ta kai 452,500, Network+ kuma 433,750. Ratar 56,250 da ta sa CCNA ta zama mai araha ta ɓace, har ta juya ta koma ɗaya ɓangaren da kusan 19,000. Idan an ci a zama na farko, takardun biyu kusan kuɗinsu ɗaya ne. Abin da zai raba su yana gaba, a faɗuwa da sabuntawa.

Ba wanda yake son a yi masa lissafin faɗuwa, amma wanda bai ware mata kuɗi ba shi ne yake barin karatun wata shida ya bi ruwa, domin kafin ya sake tara kuɗin zama na biyu abin da ya haddace ya fara zubewa. Ba a yin ragi ga wanda ya faɗi. Cikakken kuɗi ake sake biya. Zama na biyu na CCNA shi ne 187,500 da tafiya 100,000 da intanet na wata ɗaya, jimilla 297,500. Na Network+ ya kai 353,750. Dokokin jira ma sun bambanta. Cisco tana sa wanda ya faɗi ya jira kwana biyar, ana fara ƙirga daga washegarin zaman. CompTIA ba ta sa jira tsakanin zama na farko da na biyu, sai daga na uku ne ake jiran kwana 14. A takarda wannan yana nufin ɗan Network+ zai iya sake zama kafin ya bar Yawunde ya tsira da kuɗin tafiya. Wannan dabara tana da amfani ne kawai ga wanda ya samu kamar 700 inda ake neman 720, kuma takardar sakamakonsa ta nuna masa fanni ɗaya ko biyu da ya yi rauni. Wanda ya samu 600 ba zai cike wannan giɓi cikin dare biyu a ɗakin masauki ba, sake zamansa nan take ƙona sefa 243,750 ne.

Akwai hanyar sayen zama na biyu tun kafin a faɗi. Cisco ta fito da wani tayi mai suna Exam Safeguard, inda ake biyan dala 375 maimakon 300 a samu damar sake zama ba tare da ƙarin kuɗi ba, CompTIA ma tana sayar da takardar biya haɗe da damar maimaitawa. Hukuncin ko ya dace a saya yana da sauƙi. Ƙarin dala 75 ne don kauce wa asarar dala 300, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Idan kana ganin yiwuwar faɗuwarka ta wuce ɗaya cikin huɗu, tayin ya biya kansa. Idan ba ta kai ba, kyauta kake yi wa kamfani. Ma'aunin kuwa ba jin zuciya ba ne, sakamakon tambayoyin gwaji ne da ba ka taɓa gani ba, waɗanda ka amsa da agogo a gabanka ba tare da duba littafi ba. Wanda yake maimaita gwaji ɗaya har ya haddace amsoshin yana auna ƙwaƙwalwarsa ne, ba shirinsa ba. Abu biyu za a kula da su: irin wannan tayi yana da wa'adin da dole a yi zaman biyu a cikinsa, don haka kada a saye shi sai an shirya, sannan kuɗin jarrabawa kawai yake rufewa, sefa 100,000 na tafiya ta biyu yana kanka.

Sabuntawa ita ce inda hanyoyin biyu suka rabu da gaske, kuma ita ce aka fi jahilta, saboda shekara uku tana kama da nesa ranar da aka karɓi sakamako. CompTIA tana neman maki 30 na ci gaba da ilimi, waɗanda take kira CEU, tare da kuɗin shekara dala 50, wato dala 150 a zagaye ɗaya, sefa 93,750 a ma'auninmu. Makin ba su da wahalar samu, domin tana karɓar horo da darussa daga wurare da yawa matuƙar sun dace da abin da jarrabawar ta ƙunsa, har da wasiƙar shaidar aiki daga mai gida, ko da yake makin da ake samu ta wannan hanya suna da iyaka. Kuɗin ne ba ya kaucuwa ta wannan hanya, amma yana faɗuwa ga wanda ya ci wata jarrabawar CompTIA da ke sama da ita, kamar Security+, wadda take sabunta Network+ kai tsaye ba tare da wancan kuɗi ba.

Cisco ma maki 30 take nema don CCNA, amma tsarinta akasin wancan ne. Ba ta karɓar kuɗin shekara, sai dai makin dole su fito daga darussan da ita ta amince da su, kuma yawancinsu na kuɗi ne masu tsada. Abin da yake ceton mai ƙaramin ƙarfi shi ne darussan da take buɗewa kyauta lokaci zuwa lokaci a dandalin Cisco U. a ƙarƙashin shirin Rev Up to Recert, kowanne da nasa adadin maki da nasa wa'adin kammalawa. Wanda ya sa ido tun shekarar farko yana iya tara makinsa 30 da kuɗin intanet kawai, mu ce sefa 20,000. Wanda ya yi barci har wata biyu suka rage ba shi da tabbacin za a buɗe darasi a daidai lokacin, sai ya koma ya sake zama jarrabawar, wato 287,500 da tafiya. Idan kuma ranar ta wuce, a kamfanonin biyu takardar ta mutu, sai an faro daga jarrabawa. Na san ma'aikaci a nan Garwa wanda ya gano takardarsa ta mutu ranar da wata ƙungiya ta nemi ya turo hanyar tantance ta a intanet, aikin kuma ya wuce shi saboda wannan.

Idan aka ɗauki shekara shida, wato ci na farko da sabuntawa ɗaya, hoton ya fito sarai. CCNA ga wanda ya ci a zama ɗaya ya kuma tara makin kyauta za ta tsaya a 472,500, kimanin 79,000 a shekara. Network+ a irin wannan hali, da kuɗin shekara da intanet na tara maki, za ta kai 547,500, kimanin 91,000 a shekara. Amma idan abubuwa suka karkace, aka faɗi sau ɗaya, aka kuma sabunta CCNA ta hanyar sake zama, kuɗinta zai haura miliyan ɗaya, 1,037,500, alhali Network+ da faɗuwa ɗaya tana tsayawa a 901,250. Ma'ana, CCNA ce mafi araha kuma ita ce mafi tsada, gwargwadon halin mai ita. Network+ tana da ƙasa mai tsada amma samanta bai yi nisa ba, kuma da yake ta fi sauƙi, yiwuwar kaiwa ga wancan saman ma ta fi ƙanƙanta.

Akwai ƙofa ɗaya da take iya sauya lissafin CCNA. Ɗalibin da ya kammala darussan CCNA uku a makarantar da ke cikin Cisco Networking Academy, ya kuma samu makin da ake bukata a jarrabawar ƙarshe tun zaman farko, yakan samu takardar ragi mai yawa a kan dala 300 ɗin. Kada a ɗauki ragin a matsayin riba sai an cire shi daga kuɗin makarantar. Idan makaranta ta karɓi 150,000 ragin kuma ya kai rabi, wato kusan 94,000, to malami da na'urorin gwaji sun kama maka 56,000 ne, kuma wannan ciniki ne mai kyau ga wanda karatu shi kaɗai yake ba shi wahala. Idan ta karɓi 400,000, ragin bai isa dalilin shiga ba. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar da sunan makarantar a shafin Cisco kansa, domin allon da aka kafa a bakin titi ba ya bayar da takardar ragi.

Ra'ayina, wanda na faɗa wa yaron ba tare da kwana-kwana ba, shi ne wanda aikinsa saita na'urori ne, kuma tallan ayyukan da yake nema a bankuna da kamfanonin sadarwa da ƙungiyoyin agaji suna ambaton CCNA da suna, ya tafi CCNA kai tsaye, kada ya biya Network+ a matsayin tsani, domin hakan kuɗin jarrabawa biyu ne da tafiya biyu da sabuntawa biyu a kan ilimin da rabinsa maimaici ne. Network+ ta dace da wanda mai aikinsa ya nemi ita takamaimai, ko wanda ya riga ya ƙudura zuwa Security+ cikin shekara uku, tunda a nan kuɗin sabuntawarta yana faɗuwa, ko wanda ya san kansa cewa ba zai iya bin diddigin darussan kyauta ba kuma ya fi son adadin da ya sani tun yau.

Yaron yana da sefa 400,000 a ajiye. Ya zaɓi CCNA, muka tsara kashewar bisa lokaci maimakon a dunƙule. Yanzu zai fitar da 45,000 na littafi da 10,000 na intanet a kowane wata daga albashinsa, tambayoyin gwaji kuma sai a wata na huɗu, domin sayensu da wuri yana cinye wa'adinsu a banza. Ba zai yi rajista ba sai ya haye gwaji biyu sababbi a jere, kuma a ranar ne zai yanke shawarar ƙara dala 75 ɗin ko a'a, bayan ya duba ko tayin yana nan. Kafin ya hau motar Ngaundare dole a samu 100,000 na tafiya ta biyu a gefe, wanda ba za a taɓa ba. Na kuma sa ya rubuta a bangon littafinsa cewa wata shida bayan cin jarrabawa zai fara neman makin sabuntawa, ya ce, "To Kawu, na rubuta, kuma zan sa a waya ta tuna mini."